Fostar wanke hannu a wata makarantar firamare: daga takardar da yara ba sa kallo zuwa allon da suke bi

## Yanayin wurin

Makarantar firamare ce ta gwamnati a wani gari da ke gefen babban titi a arewa maso yammacin Najeriya, mai ɗalibai kusan ɗari huɗu. Banɗakunanta masai ne guda huɗu a bayan azuzuwa, biyu na maza, biyu na mata. Babu famfo a cikin harabar. Daga rijiyar burtsatse da ke bayan katanga ake ɗebo ruwa a jarkoki. A lokacin tara, masu sayar da awara, ɗanwake, rogo da ƙuli suna jeruwa a bakin ƙofa, kuma yawancin abin da yara ke saye da hannu suke ci.

Kusan duk yaran suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya da yamma. 'Yan aji ɗaya da aji biyu ba su iya haɗa baƙin boko ba tukuna, amma da yawansu sun riga sun saba bin rubutun Larabci daga dama zuwa hagu. Mutanen garin ba su manta da ɓarkewar kwalara ta 2021 ba, wadda ta fi tsanani a jihohi irin su Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara. Don haka da yara suka fara fashin makaranta saboda gudawa a ƙarshen damina, kwamitin kula da makarantar bai tsaya jira ba. Ya sayi bokiti mai famfo guda biyu, kowanne mai cin lita 20, da sabulu, sannan ya nemi a manna fosta mai koya wa yara yadda ake wanke hannu.

## Satumba: fosta ta farko

Fostar da aka fara mannawa daga intanet aka sauko da ita. Ita ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake gani a asibitoci: hotuna goma sha biyu masu lamba daga 0 zuwa 11, an jera su uku-uku a layi huɗu, kowanne da bayanin Turanci a ƙasansa, kuma a sama an rubuta cewa aikin gaba ɗaya yana ɗaukar daƙiƙa 40 zuwa 60. An buga ta a takarda A4 da firinta mai tawadar ruwa, aka manna ta da salatif a bangon ofishin shugaban makaranta. Daga nan zuwa inda bokitan suke ya kai taku talatin.

Ma'aikaciyar lafiya ta asibitin sha-ka-tafi na garin ta zauna daga nesa tana kallon yara a lokacin tara. Mafi yawan waɗanda suka fito daga banɗaki wucewa suka yi kai tsaye zuwa wurin masu awara. Waɗanda suka tsaya a bokiti sun tara hannu a ruwa, suka shafa tafi da tafi sau biyu ko uku, suka goge a jikin riga. Kaɗan ne suka taɓa sabulu. Babu wanda ya nufi bangon ofis don ya duba takardar. Kafin wata ya ƙare, feshin ruwan sama ya jiƙa ta, tawadar ta narke ta gangaro, kusurwoyinta suka nannaɗe.

## Oktoba: an mayar da ita Hausa

Ana bikin Ranar Wanke Hannu ta Duniya kowace 15 ga Oktoba tun daga 2008, kuma makarantar ta so ta yi amfani da ranar. Wani malami ya mayar da bayanin hotunan zuwa Hausa, layi bayan layi, aka bar hotunan yadda suke. An ƙara girman takardar zuwa A3, wato santimita 29.7 da 42, aka rufe ta da leda a shagon buga takardu, aka kafe ta da ƙusa a bangon da ke kusa da bokiti.

Jimlolin sun fito da tsawo. Ɗaya daga cikinsu ta ce: "Ka ɗora tafin hannunka na dama a kan bayan hannunka na hagu tare da sarƙe yatsu, sannan ka sauya." Kalma goma sha tara ke nan a ƙarƙashin hoto ɗaya, kuma don su shiga gurbin sai da aka ƙanƙance haruffan har tsayinsu bai kai rabin santimita ba. Yaron aji shida yana iya karantawa idan ya matso, amma kafin ya gama layin ruwan da ke hannunsa ya tsiyaye. Akwai kuma matsalar bugu. Salon haruffan da aka zaɓa a kwamfutar shagon ba shi da ɓ, ɗ da ƙ, sai suka fito a matsayin ƙananan akwatuna. Mai shagon ya musanya su da b, d da k, ya sake bugawa.

Ledar ma ba ta yi tasiri ba. An buga ƙusoshin ne ta cikin takardar, ruwa ya bi ramin ya shiga tsakanin leda da takarda, ya zauna a can. Tabo ya fara daga kusurwa yana yaɗuwa. Bangon yana fuskantar yamma, rana tana dukansa tun daga azahar, launukan suka fara koɗewa. Da ma'aikaciyar lafiya ta sake zama a lokacin tara, abin da ta gani bai bambanta da na Satumba ba, sai dai manyan ɗalibai kaɗan da suka fara ɗaukar sabulu.

## Nuwamba: an rufe rubutu, an tambayi yara

Kafin a sake kashe kuɗi, malamar aji biyu da ma'aikaciyar lafiya suka gwada fostar a kan waɗanda aka yi ta dominsu. Hanyar mai sauƙi ce. An zaɓi yara goma sha biyu daga aji ɗaya zuwa aji huɗu, maza da mata, da mata biyu daga cikin masu sayar da abinci. Ana kiran kowa shi kaɗai, don kada ya kwaikwayi amsar wani. An rufe rubutun da tsinken takarda, aka bar hotuna kawai. Tambayoyin uku ne: me ka gani a nan, daga ina za ka fara, sai kuma yi abin da hoton ya ce. Ba a gyara wa kowa amsa, ba a nuna masa da yatsa, ana dai rubuta abin da ya faɗa da abin da ya yi.

Tambaya ta biyu ce ta fi tona asiri. Yara da dama sun ɗora yatsa a hoton da ke sama ta dama, suka bi layin zuwa hagu, kamar yadda suke bin allo. Wasu sun gangara ƙasa ta gefe ɗaya. A layin farko, wanda ya bi daga dama zai ga ana cuɗa hannu, sannan a shafa sabulu, sannan a jiƙa. Lambobin da ke kusurwar hotunan ƙanana ne, kuma farawa da sifili ta ƙara rikita su, domin a ajinsu ƙirge daga ɗaya yake farawa.

Hotunan kansu ma sun ba da wahala. Zanen layi ne na hannaye biyu da aka yanke daga wuyan hannu, ba fuska, ba jiki. A hotunan da yatsu suka sarƙe, ƙananan yara ba su iya bambance hannun dama da na hagu ba. Wata yarinya 'yar aji ɗaya ta ce, "Malama, wannan kaza ce?" Kibiyoyin da ke nuna juyawa ba su gaya wa kowa komai ba. Hoton da ke nuna hannu a ƙarƙashin na'urar matso sabulun ruwa, babu yaron da ya gane cewa sabulu ne, domin ba su taɓa ganin irinsa ba. Hotunan ƙarshe suna nuna busar da hannu da tawul na takarda da rufe famfo da shi, abin da makarantar ba ta da shi kuma ba za ta samu ba.

Da aka ce su nuna wanke hannu yadda suka sani, kusan duka sun yi irin na alwala: ruwa sau uku zuwa wuyan hannu, babu sabulu. Ɗaya daga cikin matan ta ce a wurin sana'arta kwano ɗaya take ajiyewa da ruwa, kowa ya tsoma hannu kafin ya ci. Wannan ya nuna abubuwa biyu da sabuwar fosta za ta fito da su fili: kumfar sabulu, da ruwan da ke zuba yana wucewa.

## Disamba: sabulu ya sauya kafin zane ya sauya

A wannan lokacin sabulun sanda ya riga ya zama abin ciwon kai. Wani ya faɗi ƙasa ya kwashi yashi, wani ya narke a cikin ruwan da ya taru a mazubinsa, wani kuma ya yi ƙafa. Aka koma ga ruwan sabulu, hanyar da aka gwada sosai a Bangaladesh: giram 30 na omo a cikin lita ɗaya da rabi na ruwa, a girgiza a gorar roba har ya narke. An huda murfin gorar da ƙusa mai zafi, rami ɗaya ƙarami, aka ɗaure ta da igiya a jikin teburin bokiti. Ruwan omo ba ya jan hankalin mai ɗauka, kuma ana ganin yadda yake raguwa a gora.

Wannan sauyi ya shafi zanen kai tsaye. Tunda ruwan sabulun yana jiƙa hannu da kansa, jiƙawa da shafa sabulu sun haɗe sun zama mataki ɗaya. Matakai goma sha biyu suka dawo bakwai, kowanne da aiki ɗaya tak:

1. Zuba ruwan sabulu
2. Cuɗa ciki da baya
3. Cuɗa tsakanin yatsu
4. Murza babban yatsa
5. Goga farce a tafi
6. Ɗauraye da ruwa
7. Yarfe hannu ya bushe

Babu layin da ya wuce kalma huɗu, kuma kowanne da aikatau ya fara. An cire "ka" da "hannunka", domin a fostar Oktoba wasu 'yan mata sun ɗauka da maza ake magana. Umarni kai tsaye irin "cuɗa" da "murza" yana hawa kan namiji da mace. An bar babban yatsa da farce kowanne da gurbinsa duk da an so a rage matakai, saboda su ne wuraren da wanki ya fi tsallakewa, kuma a ƙarƙashin farce ne ƙazanta ke maƙalewa. An zaɓi yarfe hannu a iska maimakon tawul, domin tawul ɗaya da yara da yawa za su goge hannu da shi yana mayar musu da abin da suka wanke.

An jera matakan a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Mai karatun boko da mai karatun allo duka daga sama suke farawa, don haka ba sauran tambayar dama ko hagu. A kowane gurbi akwai babbar lamba, sai hoto, sai rubutu a gefensa daidai tsakiyar hoton, da layi mai kauri da ya raba gurbin da na ƙasa, don kada ido ya haɗa rubutun wani mataki da hoton wani.

Hotunan an ɗauke su ne da waya a wurin bokitin makarantar, da gorar da yaran suka sani, bayan an nemi izinin iyayen yaron da ya ba da hannunsa. An ɗauka daga bayan kafaɗarsa, ta yadda mai kallo zai ga hannayen kamar nasa ne yake dubawa. A hoto na farko da na shida ana ganin yaron daga ƙugu zuwa sama tare da bokiti, sauran kuwa hannaye ne har zuwa gwiwar hannu, da bakin hannun rigar makaranta a gefe. An shimfiɗa shuɗin ƙyalle mara ado a baya, domin farar kumfa a kan fatar hannu ta fito sosai. An yi shawarar zana ƙwayoyin cuta masu ido da haƙora a kan hannu, aka gwada a kan yara uku, biyu suka ce ba su taɓa ganin irin wannan ƙwaro a hannunsu ba, don haka nasu hannun lafiya lau yake. Aka cire.

Batun lokaci shi ma an sauƙaƙa shi. Shawarar da aka fi sani ita ce a cuɗa hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, amma yaro ba shi da agogo, kuma idan aka ce ya ƙirga ashirin zai zuba su a numfashi ɗaya. Sai aka rubuta a ƙasan allon, "Ƙirga goma a kowace cuɗa." Matakan cuɗa huɗu ne, daga na biyu zuwa na biyar, ƙirge arba'in ke nan, wanda ko da sauri aka yi yakan kai kusan daƙiƙa ashirin ɗin. A saman allon aka sa "Wanke hannu da sabulu", da ƙananan hotuna biyu na lokutan da suka fi shafar ɗan makaranta: yaro yana fitowa daga banɗaki, da yaro riƙe da abinci.

Kafin a kai bugu, an buga samfuri a takarda an sake gwajin rufe rubutu da wasu yara dabam. Hotuna shida sun wuce. Na bakwai ya faɗi: hannaye a sama da yatsu a buɗe, yara suka ce addu'a yake yi. Aka sake ɗauka da hannayen suna kallon ƙasa, ɗigon ruwa yana tashi daga yatsu.

## Janairu: bugu da kafawa

An buga a kan ledar bana, irin wadda ake yin tallan bakin titi da ita, mai faɗin santimita 60 da tsayin 90. Kan magana ya ci santimita 12, matakai bakwai kowanne 10, layin ƙasa 8. Haruffan matakan sun kai santimita 2.5, waɗanda ake karantawa ba wahala daga nisan mita biyu zuwa uku, wato yaron da ke bayan layi yana iya karantawa kafin a zo kansa. An yi amfani da salon haruffa na Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu: yana da ɓ, ɗ da ƙ, kuma "a" ɗinsa irin wanda malami ke rubutawa a allo ne. An kai wa mai bugu aikin a PDF domin kada kwamfutarsa ta sauya haruffan, aka kuma duba kalmar "Ɗauraye" da "Ƙirga" a samfurin farko kafin a ce ya ci gaba, domin manyan haruffa masu lanƙwasa su ne suka fi ɓacewa.

An naɗe bakin ledar a bayan falankin katako aka buga ƙusoshin ta baya, fuskar ta zauna ba rami ko ɗaya. An kafa allo ɗaya a gefen kowane bokiti, ba a bayansa ba, don bokitin da kan mai wanki kada su tare matakan ƙasa. Ƙasan allon ya tashi santimita 70 daga ƙasa, tsakiyarsa ta zo daidai idon yaron aji biyu ko uku. An ɗauke bokiti ɗaya zuwa kan hanyar da ke tsakanin banɗaki da azuzuwa, ɗayan zuwa bakin ƙofa kusa da masu abinci, duka a inuwa. A ƙarƙashin kowane famfo an haƙa ɗan rami an cika shi da tsakuwa, don kada wurin ya zama taɓo yara su riƙa kauce masa.

A taron safe na makon farko, malamai sun tsaya da allon suka yi matakan tare da yara da busasshen hannu, aji bayan aji. Aka naɗa monita biyu daga aji biyar da shida kowane mako, aikinsu cika bokiti da haɗa ruwan sabulu.

## Fabrairu zuwa Yuli: abin da aka gani

Ma'aikaciyar lafiya ta ci gaba da kallo daga cikin wani aji ta taga, domin an lura cewa da zarar babba ya tsaya kusa da bokiti kowa sai ya zama gwanin wanki. A Fabrairu mafi yawan yaran da suka tsaya sun fara da gorar sabulu, kuma ana ganin ƙananan suna ɗaga kai su dubi allo tsakanin mataki da mataki. Gorar da ke bakin ƙofa tana ƙarewa kafin a tashi, alamar ana amfani da ita. Mataki na huɗu da na biyar su ne aka fi tsallakewa idan layi ya yi tsawo.

A Maris da Afrilu aiki ya ja baya. Layin burtsatse ya yi tsawo saboda zafi, monitoci suna dawowa da jarka ɗaya. Idan wanki ɗaya ya ci kwatan lita, bokiti mai lita 20 zai ishi yara 80 ne kawai, biyun 160, a makarantar da ke da kusan ɗari huɗu. A ranakun da bokiti ya bushe kafin tara, yara suna wuce allon ba ko waiwaye, kuma bayan an kawo ruwa sai an ɗauki kwanaki kafin su koma kan hanya. Kwamitin ya shirya da wani mai ga-ruwa yana kawo jarkoki kowace safiya. Zuwa Yuli allunan suna nan da launinsu, sai dai ƙurar hunturu da ta taru a kansu, wadda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Malamai sun ce fashi saboda ciwon ciki ya ragu, amma ba a riƙe rajistar dalilin fashi ba.

## Hukunci

Fostar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta da laifi a inda aka yi ta dominsa, wato asibiti mai famfo da sabulun ruwa da ma'aikatan da aka horar. Kuskuren shi ne kawo ta gaban yaro ɗan shekara shida da ke tsaye a gaban bokiti. Fassarar Oktoba ta gyara harshe ne kawai, alhali rabin masu kallon ba sa karanta kowane harshe tukuna, hoto suke karantawa. A ganinmu gwajin rufe rubutu shi ne matakin da ya fi kowanne amfani, kuma bai ci ko kwabo ba. Shi ya fito da matsalar dama da hagu, wadda malaman da suka saba da boko ba za su hango da kansu ba, shi kuma ya kama hoton addu'a kafin a biya kuɗin bugu.

Ba daidai ba ne a jingina duk sauyin ga allon. A kusan lokaci ɗaya aka matsar da bokitai kan hanyar yara, aka kawo ruwan sabulu, aka koyar a taron safe. Wani bincike da aka buga a 2016 kan makarantun firamare biyu a Bangaladesh ya nuna ƙarfin wuri shi kaɗai: da aka shimfiɗa hanya mai launi da zanen sawun ƙafa daga banɗaki zuwa wurin wanki, ba tare da wani darasi ba, wanke hannu da sabulu ya tashi daga kashi 4 zuwa kashi 74 cikin ɗari. Wurin da aka ajiye bokiti shi ke tsayar da yaro, allon kuma ya nuna masa abin da zai yi da yatsunsa bayan ya tsaya. Raguwar ciwon ciki kuwa ba za a iya kafa hujja da ita ba, domin gudawa tana hawa da sauka da yanayin shekara, kuma ba a ƙirga ba. Makarantar da za ta bi wannan hanya ta buɗe shafi a rajista don dalilin fashi tun kafin ta kafa allo, ta kuma tabbatar da mai kawo ruwa na watannin bazara kafin ta biya mai bugu. Idan kuma ta koma sabulun sanda ko ta sauya bokiti da buta, hoto na farko da na shida sai an sake ɗaukarsu.